Gayyata ce, kamu ne, ko tsarewa? Yadda za ka gane matsayinka a ofishin 'yan sanda

Za ka iya tarar da mutum uku zaune a benci ɗaya a caji ofis, kowa ya zuba tagumi, ka ɗauka halinsu ɗaya. A wurin doka kuwa kowa da matsayinsa. Na farko gayyatarsa aka yi, yana da ikon ya miƙe ya tafi gida. Na biyu an kama shi, an ƙwace masa wannan ikon. Na uku kuma an kama shi tun ɗazu, an rubuta sunansa a littafi, ana ci gaba da riƙe shi, kuma doka ta fara ƙirga wa 'yan sanda awowi a kansa. Abin takaicin shi ne sau da yawa su ukun ba wanda ya san a wane matsayi yake, kuma ba lallai ne a gaya masa ba sai ya tambaya.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ƙashin bayan maganar kusan ɗaya ne ko'ina, domin galibin ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa. Sashe na 9 na wannan yarjejeniya ya ce duk wanda aka kama dole a faɗa masa dalili a lokacin da ake kama shi, a kai shi gaban alƙali ba tare da jan ƙafa ba, kuma yana da ikon ya nemi kotu ta duba ko tsarewar tasa ta halatta. Duk waɗannan haƙƙoƙi suna fara aiki ne daga lokacin kamu. Shi ya sa sanin lokacin da gayyata ta rikiɗe ta zama kamu ya fi komai amfani ga wanda ya taka ƙofar ofishin.

Abin da ya raba su ukun

Gayyata roƙo ce. Ɗan sanda ya bugo waya, ko ya aiko da takarda, ya ce ana son ganinka don ka taimaka wa bincike. Mai yiwuwa shaida ake ɗaukarka, mai yiwuwa kuma kai ake zargi amma hujjar da ke hannunsu ba ta kai ta kamu ba tukuna. Da ƙafarka ka zo, kuma bisa ƙa'ida da ƙafarka za ka fita duk lokacin da ka ga dama. A Ingila an rubuta wannan ƙarara a dokar 'yan sanda ta 1984: wanda ya zo ofis don kansa yana da ikon tafiya sa'ad da ya so, kuma idan aka yanke shawarar hana shi tafiya, dole a sanar da shi nan take cewa an kama shi.

Kamu abu ne na lokaci guda, wato daidai sa'ar da aka ɗauke maka 'yancin tafiya da sunan doka. Ba sai an sa maka ankwa ba, ba sai an tura ka bayan mota ba. In ɗan sanda ya ce “ba inda za ka”, ko ya tsaya a bakin ƙofa ya hana ka wucewa, an kama ka, ko da bakinsa bai furta kalmar ba. Yana iya yin kamun da waranti, wato takardar izini daga kotu, yana kuma iya yi ba waranti idan an aikata laifin a gabansa ko yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ka da laifin da doka ta yarda a yi kamu a kansa. Ƙorafin wani kawai, ba tare da an duba komai ba, bai cika zama irin wannan dalilin ba.

Tsarewa ita ce abin da ke biyo bayan kamu: ci gaba da riƙe mutum, a sel ne, a bayan kanta ne, ko a wani ɗakin ofis. Tana da wa'adi, kuma iri biyu ce da mutane suke yawan haɗawa. Akwai tsarewar 'yan sanda, wadda gajeriya ce, ta awowi. Akwai kuma wadda alƙali ya ba da umarni bayan an gurfanar da mutum, wadda ke iya kai shi gidan yari jiran shari'a. Ta farkon ce muke magana a kanta.

Kada kuma a haɗa gayyatar 'yan sanda da sammacin kotu. Sammaci umarni ne na alƙali, wanda ya ƙi amsa shi ana iya ba da warantin kamo shi.

Kafin ka je

A ɗauki misalin wani mai gyaran waya. Ranar Alhamis da yamma aka kira shi, mai kiran ya ce shi ɗan sanda ne, ana nemansa gobe kan wata waya da ta bi ta hannunsa. Watanni biyu da suka wuce wani ya kawo masa ita ya canza mata gilashi, ashe ta sata ce, kuma bincike ya biyo sawu har ya iso kansa.

Matakin farko shi ne ya tabbatar da wanda ya kira. Ya tambayi sunan jami'in da muƙaminsa da ofishin da yake, da sashen da ke riƙe da maganar. Haɗuwa a ofis ake yi. Duk wanda ya ce a same shi a wani lungu ko a gefen titi, ko ya fara maganar a turo wani abu don a kashe magana, to a yi hattara, domin 'yan damfara ma sun iya cewa “daga ofishin 'yan sanda nake”. In da hali ya nemi a ba shi gayyatar a rubuce.

Sai tambaya ta biyu, wadda mutane ke jin nauyin yi: “Ranka ya daɗe, a matsayin shaida ake nemana ko ni ake zargi?” Amsar ba alkawari ba ce, shaida na iya komawa wanda ake zargi kafin azahar. Amma tana nuna masa irin shirin da zai yi.

Ko zai iya ƙin zuwa? A ƙasashe da yawa ƙin amsa gayyata zalla ba laifi ba ne. A wasu kuma takardar kira tana da ƙarfin doka: a Faransa, alal misali, wanda jami'in bincike ya kira dole ne ya bayyana, kuma ana iya tilasta masa da izinin mai gabatar da ƙara. Ko a inda ba dole, ni ban cika ba da shawarar a yi kunnen uwar shegu da kiran ba. In suna da hujja, ƙin zuwan zai sa su zo da kansu, kuma daga baya a yi amfani da shi a ce mai gudu ne, bai cancanci beli ba. Abin da ya fi shi ne a amsa, amma a daidaita lokaci. Mai gyaran wayar nan yana iya cewa Juma'a ba za ta yiwu ba, zai zo Litinin da safe tare da lauyansa. Dalilin a bayyane yake: wanda aka riƙe ranar Juma'a da yamma yakan tarar kotuna sun tashi, sai ya kwana uku a ciki kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Zuwa da safe a farkon mako yana ba shi yini guda na neman beli ko zuwa kotu.

Kafin ya fita ya sanar da wani babba a gida inda za shi, da sunan jami'in, da lokacin da ya kamata a ji daga gare shi. Ya tafi da katin shaidarsa da kwafin duk takardar da ta shafi maganar, kamar littafin da yake rubuta sunayen masu kawo gyara. Kwafi zai miƙa, asalin ya zauna a gida ko wurin lauya. In yana shan magani kullum ya sa a aljihu. Kuma ya je da mutum, wanda zai zauna a waje, ba zai sa baki ba, aikinsa kawai ya ga shigarsa ya kuma lura ko ya fito.

A cikin ofis: tambayar da za ka riƙa maimaitawa

Ya isa ƙarfe 10 na safe. Abu na farko, ya duba agogo, ya kuma nemi a rubuta zuwansa a littafin kanta. Kafin a fara tambayoyi ya ce: “Yallaɓai, don in san matsayina, an kama ni ne, ko zan iya tafiya idan na so?”

Kada a raina wannan tambaya. Gayyata tana yi wa mai bincike daɗi saboda wasu kariyar da doka ta ba kamamme ba su hau kansa ba tukuna. A Amurka, tun hukuncin da kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Miranda a 1966, dole a gargaɗi wanda ke tsare cewa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya kafin a yi masa tambayoyi. Amma a 1977 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa mutumin da ya zo ofis da ƙafarsa, aka ce masa ba a kama shi ba, ya amsa laifi sannan ya tafi, ba a tsare yake ba, don haka rashin yi masa gargaɗin bai ɓata amsawar tasa ba. Darasin ya wuce Amurka. Abin da ka faɗa a zaman gayyata hujja ce cikakkiya, ana iya karanta ta a kotu, ko da an yi hirar ana raha ana ce maka “ai 'yar magana ce kawai”.

Saboda haka mai gyaran wayar ya faɗi abin da ya sani tabbas, ya tsaya nan. Ranar da aka kawo wayar, abin da ya gyara, abin da ya rubuta a littafinsa. In bai tuna ba ya ce bai tuna ba. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne cike giɓi da zato don su nuna haɗin kai. Aka tambaye shi, “Ba ka ga alamar ta sata ba ce?” sai ya ce, “To, na ɗan yi tunanin haka.” Wannan jimla guda ta isa ta ɗauke shi daga shaida ta mai da shi wanda ake zargi da karɓar kayan sata, domin a irin wannan laifi sanin cewa kayan na sata ne, ko samun dalilin zargin haka, shi ne jigon tuhumar.

Yarjejeniyar 1966 ɗin nan, a sashe na 14, ta hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Da zarar tambayoyi sun juya sun fara nuna shi, yana da ikon cewa ba zai ƙara magana ba sai lauyansa na nan. Sai dai a sani, a Ingila kotu na iya ɗaukar shirun mutum a matsayin abin lura idan daga baya ya kawo wata kariya da bai ambata ba tun farko. Wannan ma dalili ne na a bar lauya ya yanke shawarar inda za a yi magana da inda za a yi shiru.

Maganar sitatimen kuma a nan ake yin ta. In ya iya rubutu ya rubuta da hannunsa, da harshen da ya fi ƙwarewa a kai. In wani ne zai rubuta masa, a karanta masa daga farko har ƙarshe, in da tafinta a rubuta sunan tafintan. Abin da bai faɗa ba ya ce a goge, ya sa hannu a gefen gyaran. Kada ya bar fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannunsa, ya ja layi ya rufe wurin. Kada kuma ya sa hannu a farar takarda ko da an ce “za mu cike daga baya”. Ya rubuta kwanan wata da lokaci.

Sa'ar da gayyata ta ƙare

Ƙarfe 2 na rana an gama rubutu. Ya miƙe ya ce zai koma bakin aiki, sai mai binciken ya ce, “Zauna tukuna, sai oga ya dawo.” Nan ne wurin sake tambaya, cikin ladabi: “Yallaɓai, jira kake roƙona in yi, ko hana ni tafiya aka yi?” In aka ce roƙo ne, yana iya cewa zai dawo gobe ƙarfe kaza, ya bar lambarsa. In aka ce ba zai tafi ba, to an kama shi da ƙarfe 2, ko da ba a kai shi sel ba sai ƙarfe 6 na yamma.

Akwai alamun da ke nuna haka ko ba a faɗa ba: an karɓe wayarsa an ƙi mayar masa, an ce ya cire bel da takalmi da agogo, an mai da shi bayan kanta, an sa wani ya raka shi ban ɗaki. Wanda aka gayyata ba a yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kada ya yi gardama da jiki, kada ya nufi ƙofa da ƙarfi. Ko kamun bai halatta ba, kokawa da jami'i na iya zama sabon laifi mai zaman kansa, kuma mai sauƙin tabbatarwa. Wurin ƙalubalantar kamu kotu ce. Abin da zai yi da baki ne: ya tambayi laifin da ake zarginsa da shi, ya nemi a rubuta lokacin kamun daidai, ya nemi a bar shi ya kira lauya da wani nasa. Kayan da aka karɓa daga aljihunsa a lissafa su a takarda a gabansa, kuɗi a ƙirga, ya gani kafin ya sa hannu. Mutumin da ya rako shi kuma ya rubuta lokacin a waje. In wanda aka kama baƙo ne a ƙasar, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba shi ikon a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa.

Me ya sa nake nanata lokaci? Domin wa'adin tsarewa daga kamu ake ƙirga shi, kuma awa huɗun da ke tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 6 suna iya zama bambancin kwana ɗaya da kwana biyu. In littafi ya nuna 6, ba kuma wanda ya rubuta 2, to 6 ɗin ce za ta tsaya.

Awa nawa za a iya riƙe mutum?

Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2014 cewa awa 48 sun isa a kai kamamme gaban alƙali, wuce haka sai da dalili na musamman, yara kuma ya kamata a gaggauta nasu fiye da haka, kamar cikin awa 24. Kowace ƙasa da nata adadin a kusa da wannan. Tsarin mulkin Indiya ya ce awa 24, ban da lokacin tafiya zuwa kotu. Na Ghana ya ce awa 48, kuma a 2019 kotun ƙolin ƙasar ta ce ranakun hutu ma suna cikin lissafi. Na Najeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a cikin kilomita 40, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, kuma ya ware laifukan da hukuncinsu kisa ne. A Ingila awa 24 ne, babban jami'i na iya ƙarawa zuwa 36 a manyan laifuka, daga nan sai kotun majistare, ita ma ba ta wuce 96. Dokokin ta'addanci a ƙasashe da dama suna da nasu wa'adin mai tsawo. Wanda zai amsa gayyata ya tambayi lauya adadin ƙasarsa tun kafin ya je.

Kafin wa'adin ya cika, ɗaya daga cikin uku ne zai faru: a sake shi ba tuhuma, a ba da shi beli ya riƙa dawowa, ko a gurfanar da shi. In 'yan sanda na son ƙarin lokaci, alƙali ko wani mai iko da doka ta ambata za su roƙa, ba su da ikon ƙara wa kansu yadda suka so. Wata dabara da ake yi ita ce a ɗauke mutum daga wannan ofis zuwa wancan kamar lissafi ya koma farko. Sauya ɗaki ba ya goge awowin da suka wuce, kuma shi ya sa 'yan uwa ke bukatar sanin duk inda aka mai da shi da lokacin da aka yi.

Aikin na waje a wannan lokaci ya fi na wanda ke ciki yawa. Su nemo lauya, su shirya wanda zai tsaya masa, mai adireshi tabbatacce da katin shaida, su rubuta takardar neman beli su riƙe kwafi. Belin 'yan sanda alkawari ne cewa mutum zai dawo ranar da aka sa, mai tsaya masa kuma ya ɗauki nauyin kawo shi. Duk kuɗin da aka nema a hannu ba rasit, ba beli ba ne, sunansa daban. In wa'adi ya wuce ba a sake shi ba, ba a kai shi kotu ba, lauya na iya shigar da buƙata gaban babbar kotu a umarci a kawo shi a bayyana dalilin riƙe shi. Yarjejeniyar 1966 ta kuma ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya.

Kamun da tun asali bai halatta ba

Iri biyu sun fi yawa. Na farko kamun madadi: an zo neman mutum ba a same shi ba, sai a tafi da matarsa ko ƙaninsa ko mahaifinsa “har sai ya fito”. Laifi na mai shi ne, kuma dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta haramta wannan a fili a sashe na 7. Sau da yawa da sunan gayyata ake fara shi, a ce wa matar ta zo ta yi bayani, sai a wayi gari tana bayan kanta.

Na biyu kamu kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Sashe na 11 na yarjejeniyar 1966 ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka a kwantiragi. Mai bin bashi kotu zai je ya shigar da ƙara. Sai dai akan sauya wa maganar riga a kira ta zamba ko cin amana don ta shiga hurumin 'yan sanda. Abin da ke raba su shi ne niyya tun farko: wanda ya karɓi kaya da nufin biya, kasuwa ta juya masa baya, daban yake da wanda ya karɓa da ƙarya. Wanda aka gayyata kan irin wannan ya je da takardun cinikin da shaidar abin da ya riga ya biya, kuma ya yi hattara da takardar alkawarin biya da za a tura masa ya sa hannu a matsayin sharaɗin fita.

Duka ko barazana don a samu amsa laifi haramun ne a kowane matsayi mutum yake, kuma yarjejeniyar yaƙi da azabtarwa ta 1984 ta ce bayanin da aka samu ta wannan hanya ba ya zama hujja. Wanda aka taɓa ya faɗa wa lauyansa, ya faɗa wa alƙali a zaman farko, ya nemi likita ya duba shi tun raunin bai warke ba.

A misalinmu, a ce an ba da mai gyaran wayar beli washegari da safe, littafinsa ya nuna sunan wanda ya kawo wayar da lambarsa. Kafin ya bar kanta ya karɓi kayansa ya gwada da takardar da aka lissafa su, in an riƙe wani abu a matsayin hujja a ba shi shaida a rubuce. Ya tambaya ko an rufe maganar a kansa ne ko beli ne, domin “je ka, za mu neme ka” ba ta bambance su ba. In beli ne ya rubuta ranar dawowa ya kuma zo a kan lokaci, tunda saɓa ranar na iya jawo sabon kamu, ya kuma jefa wanda ya tsaya masa cikin matsala. Da ya isa gida, tun abin bai dushe masa ba, ya zauna ya rubuta komai: lokacin shiga, lokacin da aka hana shi tafiya, sunayen jami'an, tambayoyin da aka yi masa da amsar da ya bayar, ya kai wa lauyansa kwafi.